Baƙona ɗan Sudan ne, bizarsa ta ƙare: za a iya mayar da shi da ƙarfi?

Tambaya: Barista, ina yi maka sallama daga Tudun Wadan Zariya. Akwai ɗan ƙanin mahaifiyata da ke zaune a gidana. Kakanninsa mutanen nan ne da suka tafi Hajji a ƙafa suka zauna a Sudan, shi kuma a Omdurman aka haife shi, fasfonsa na Sudan ne. Ya zo ziyara a watan Maris na 2023 da biza, bai yi wata biyu ba yaƙi ya ɓarke, ya kasa komawa. Biza ta daɗe da ƙarewa, fasfon ma ya kusa. Kwanan nan wani da muka samu saɓani kan kuɗi ya ce zai kai rahotonsa ga jami'an shige da fice a tasa ƙeyarsa. Wani kuma ya ce in kawo kuɗi a yi masa takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN a matsayin Bazazzage, a huta. Me doka ta ce, kuma me zan yi?

Amsa: Alhaji, wa'alaikumus salam. Bari in fara da mai neman kuɗin, don shi ne ya fi haɗari. Kada ka ba shi ko kwabo. A yanzu laifin ɗan'uwanka bai wuce zama bayan ƙarewar biza ba, kuma yana da uzurin da doka ta sani. Ranar da ya riƙe takardar da ta ce a Zariya aka haife shi, ya shiga laifin takardun bogi, kai ma ka shiga tare da shi. Ban da haka, neman mafaka kacokan ya rataya ne a kan a yarda da labarin mutum, kuma wanda aka kama da shaidar ƙarya sau ɗaya, da wuya a sake gaskata sauran maganarsa. Abu ɗaya kawai za ka bincika kafin mu wuce nan: sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne. In mahaifinsa ya taɓa riƙe fasfon Najeriya, to zancen ya canza gaba ɗaya, kuma ta hanyar gaskiya za a bi shi. In kuwa tun kakanni aka zama 'yan Sudan, kamar yawancin Hausawan can, ɗan'uwanka baƙo ne a idon doka, sai mu duba kariyar da baƙo irinsa yake da ita.

Kariyar ita ce ƙa'idar hana mayar da mutum inda ya guje wa. Tana cikin sashe na 33 na Yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Najeriya ta shiga a 1967. Ma'anarta a sauƙaƙe: ƙasa ba za ta kori ɗan gudun hijira ko ta mayar da shi, ta kowace hanya, zuwa inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari saboda launin fatarsa ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasarsa, rukunin jama'ar da ya fito, ko ra'ayinsa na siyasa ba. Lura da “ta kowace hanya”. Ko an saka shi a jirgi zuwa ƙasarsa, ko an miƙa shi ga wata ƙasa ta uku da aka san za ta tura shi can, duk abu ɗaya ne.

Mai karatu da kyau zai ce: to ai wannan mutumin ba wanda ya neme shi da sunansa, yaƙi ne kawai ya ci garinsu. Gaskiya ne, kuma da Yarjejeniyar Geneva kaɗai muke da ita, da lauya ya sha aiki. Amma Afirka ta yi tata a Addis Ababa a 1969, ƙarƙashin tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Najeriya kuma tana ciki. Wannan ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da wanda hari daga waje, ko mamaya, ko wani tashin hankali mai tsanani a wani ɓangare na ƙasarsa ko a dukkanta ya tilasta masa barin gida. Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wanda ya fara daga Khartoum ɗin kanta da Omdurman ke tsallaken kogi da ita, irin abin da wannan sashe ke nufi ne. Kasancewar ya fito kafin yaƙin ba ya rushe masa hujja. Doka ta san mutumin da ya bar gida lafiya, sannan gida ya lalace a bayansa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: kariyar ba ta jiran a gama yanke hukunci. Daga ranar da mutum ya gabatar da kansa ya ce yana neman mafaka, ba a mayar da shi har sai an saurare shi an yanke, har da ɗaukaka ƙara. Dalili kuwa a fili yake. In aka mayar da shi kafin a bincika, daga baya aka gano yana da gaskiya, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne rajista, kuma cikin makon nan. Hukumar da ke da alhakin wannan ita ce Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira da Baƙin Haure da Waɗanda Rikici Ya Raba da Muhallansu, NCFRMI, mai hedikwata a Abuja, tana aiki tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR. Shi da kansa zai je, ba a aike. Ya tafi da fasfonsa ko da ya ƙare, da shafin bizar da hatimin shigowa, don su ne shaidar cewa ta ƙofa ya shigo kuma kafin yaƙi. Ya haɗa da duk abin da ke nuna inda yake zaune a Omdurman: katin ɗan ƙasa, takardar makaranta, takardar haya, hotunan gida, saƙonnin 'yan'uwa da ke cikin wayarsa. Za a ɗauki bayanansa a ba shi takardar shaidar mai neman mafaka, daga baya a kira shi ganawa, kwamitin tantancewa ya duba. Ba a biyan kuɗi a wannan, duk wanda ya ce a kawo wani abu ɗan damfara ne. In Larabci ya fi masa sauƙi ya nemi tafinta, kada kunya ta sa ya yi ta amsawa da Hausar da ba ta zauna masa ba, a rubuta abin da bai faɗa ba.

A wajen ganawar, tambayar da nake sa ran za ta fi matsa shi ita ce me ya sa sai yanzu. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Geneva ya hana hukunta ɗan gudun hijira saboda shiga ko zama ba izini, amma da sharaɗin ya gabatar da kansa ba da jinkiri ba, ya kuma nuna dalili. Ɗan'uwanka ya yi jinkiri, kada ya ɓoye. Ya faɗi gaskiya: ya zaci yaƙin na 'yan watanni ne, kuma bai san akwai hukumar ba. Jinkirin na iya rage masa kariya daga hukuncin zama ba biza, amma ba ya ɗauke haramcin mayar da shi cikin haɗari. Tambaya ta biyu: ai sojoji sun karɓe Khartoum a Maris 2025, me zai hana ka koma? Ana auna haɗarin ne da halin da ake ciki ranar yanke hukunci, don haka ya shirya bayanin unguwarsa da iyalinsa dalla-dalla, wa ya rage, wa ya gudu, ina gidan yake. In aka ƙi shi, akwai hukumar ɗaukaka ƙara. Dokar 'yan gudun hijira ta Najeriya ta 1989 kwana 30 ta bayar, an kuma sabunta dokar a 2022, don haka ranar da wasiƙar ta iso ya duba wa'adin da ke jikinta ya kai wa lauya.

Kariyar tana da iyaka. Wanda ya ɗauki makami ya aikata laifin yaƙi ba ya samun matsayin ɗan gudun hijira. Sashe na 33 ɗin ma ya ware wanda ya zama barazana ga tsaron ƙasa, ko wanda kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe kan babban laifi har ya zama haɗari ga jama'a. Ko shi ɗin ma, Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ta hana a miƙa shi inda za a azabtar da shi, kuma wannan ba ta da togiya. Sai abin da mutum kan jawo wa kansa: in ya samu matsayin sannan ya koma Sudan ziyara, ko ya je ofishin jakadancinsu ya sabunta fasfo, ana iya cewa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa. Tunda ka ce fasfon ya kusa ƙarewa, ya dakata da wannan sai ya yi shawara.

To in mai barazanar ya riga ku, aka zo aka tafi da shi fa? Nan zan gaya maka abin da ba zai yi maka daɗi ba. A ranar 5 ga Janairu 2018 aka kama jagoran 'yan awaren Kamaru, Sisiku Julius Ayuk Tabe, da abokansa a wani otal a Abuja. A cikinsu akwai malaman jami'a, har da na nan Zariya. Kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga Kamaru, alhali akwai masu neman mafaka a cikinsu, UNHCR kuma ta fito ta yi tir. A Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce abin da aka yi ya saɓa doka, ta ba da umarnin a dawo da su. A Agustan shekarar kotun soja a Yaounde ta yanke wa shugabannin ɗaurin rai da rai. Shari'arsu ta siyasa ce mai nauyi, ta ɗan'uwanka ba haka take ba, amma ta nuna cewa umarnin kotu yana aiki ne muddin mutum yana cikin ƙasa.

Don haka in an kama shi, abu na farko ya faɗa da bakinsa, a gaban jami'i, cewa yana neman mafaka kuma yana tsoron komawa, ya nemi a rubuta. Kada ya sa hannu a kan takardar da bai fahimta ba, musamman mai cewa ya yarda ya koma da kansa. Kai kuma a ranar, ba washegari ba, ka sanar da NCFRMI da UNHCR a rubuce, ka samu lauya ya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna, ya nemi umarnin gaggawa na hana fitar da shi daga ƙasa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki, mai maganar 'yancin walwala, “kowane mutum” ya ce, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba. In kuɗin lauya ya yi nauyi, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukkansu suna da ofis a Kaduna.

Ka ɗauki hoton kowane shafi na fasfonsa yau, ka ajiye kwafi a wajenka da wajen wani amintacce. In ya karɓi takardar rajistar, ita ma a yi mata haka, asalin kuma ya riƙa yawo da shi a aljihu.