Jirgi ya kwanar da ni a Jidda, wa zai biya ni?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne mazaunin Jidda, ina kai abaya da turare Kano. Jirginmu na ƙarfe 11 na dare aka ɗage zuwa 10 na safe. Wani ɗan garinmu da ke harkar tikiti ya ce in je in kama otal, kamfani zai mayar mini da kuɗina. Na kashe riyal 600 ban karɓi rasit ba, yanzu kamfanin ya yi shiru. An kuma ce mini zan iya karɓar dubban riyal na diyya.

Amsa: Alhaji, kuskurenka ɗaya ne, kuma shi ne ka bar filin jirgi a kan maganar mutumin da ba ma'aikacin kamfanin ba, hannunka babu takarda ko ɗaya. Kai da ba za ka ba dillali kaya ba tare da rubutu ba, yaya aka yi ka kashe kuɗinka a kan alƙawarin baki?

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya, wato GACA, tana da dokar kare haƙƙin fasinja wadda sabon tsarinta ya fara aiki a watan Nuwamba na 2023, kuma ta hau kan kowane jirgi da zai tashi daga ƙasar, na gida ne ko na waje. Idan jinkiri ya kai awa 1, a ba ka abin sha. Idan ya wuce awa 3, a ba ka abinci. Idan ya wuce awa 6, a ba ka ɗakin otal tare da motar da za ta kai ka ta dawo da kai. Jinkirinka awa 11 ne, saboda haka makwancinka da motarka suna wuyan kamfanin, ba sai ka taɓa aljihunka ba.

Abin da ya kamata ka yi a daren shi ne ka tafi teburin kamfanin da katin shiga jirginka, ka nemi shugaban ma'aikatan da ke bakin aiki, ka ce masa cikin natsuwa kana son takardar abinci da masauki da mota kamar yadda dokar GACA ta tanada. Ka kuma nemi takardar shaidar jinkiri mai ɗauke da lambar jirgi da sabon lokacin tashi da dalilin ɗagewa. Idan ya ce babu ɗaki, ko ya ce ka biya za a mayar maka, to ya rubuta ya sa hannu, ko ka aika wa kamfanin saƙo nan take domin ya zama akwai shaida mai kwanan wata. Sai bayan haka za ka kama otal mai matsakaicin farashi, ka karɓi rasit da sunanka, haka ma na tasi da na abinci. Wanda kuma aka riga aka buga wa hatimin fita a fasfo, kada ya yi yunƙurin komawa cikin gari sai ta hannun kamfanin da jami'an shige da fice, wato jawazat.

Na san wata hajiya mai sarin atamfa da irin wannan ta same ta. Ta bi ɗan'uwanta gida ta kwana, aka matso da lokacin tashi da asuba, aka sanar da waɗanda kamfani ya kai otal, ita kuwa babu wanda ya san inda take. Jirgi ya tafi da sauran, ita ta sayi sabon tikiti da kuɗin jarinta.

Batun dubban riyal kuwa, ka cire shi daga ranka, domin jinkirin jirgi ba sana'a ba ce. Diyyar jinkirin da ya wuce awa 6 tana kusa da riyal 750, kuma tana iya faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Shi ya sa dalilin da aka rubuta a takardar shaida yake da muhimmanci.

Yanzu ka koma otal ɗin ka nemi su sake fitar maka da rasit, tunda sun rubuta lambar iƙamarka, wato katin izinin zamanka, lokacin da ka sauka. Idan da kati ka biya abinci ko mota, bayanin banki zai taimaka, amma abin da ka biya tsaba ba tare da takarda ba, da wuya ya dawo. Ka shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin da gaggawa, ka haɗa tikiti da katin shiga jirgi da rasit, ka adana lambar ƙorafin. Idan kwana 7 suka wuce babu amsa, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kai maganar GACA ta lamba 1929, kuma abu na farko da za su tambaye ka shi ne wannan lambar ƙorafin.