Amshinka ya ɗauki kayan baiti

“Ranka ya daɗe, na rera waƙar amarya a wurin kamu, an saurari baitoci, amma da na zo amshi ba wanda ya karɓa. Ga amshin:

Amarya 'yar gidan mutunci da tarbiyya,
Yau ranar farin ciki ce ga dangi baki ɗaya,
Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Ina matsalar take, alhali maganganun duk masu kyau ne?”

Ɗana, kyan maganganun ne ya ruɗe ka. Wannan da ka rubuta baiti ne, ka sa masa sunan amshi.

Ƙirga gaɓoɓinsa da yatsa. Ɗangon farko 13, na biyu 15, na uku 17, jimla 45, kuma ba biyun da suka zo daidai. Zance uku ne a ciki: yabon gida, murnar dangi, addu'a. Matar da ke rawa, jaka a hannu, idonta na kan ƙawarta, yaushe za ta haddace wannan? Kai ka kwana kana bitarsa. Ita yanzu ta fara jin sa, ga kiɗa na dukan kunnenta.

Baiti naka ne, amshi na jama'a ne. A baiti kake kawo sabon zance kowane zagaye: asalin amarya, halinta, nasihar zaman aure, sunayen masu liƙi, har ɗan habaici ga 'yan baƙin ciki in ka ga wurin zai ɗauka. Ana sauraren baiti ne don ba a san abin da zai zo ba, shi ya sa yake jure tsawo da kalma mai nauyi. Amshi kuwa an san shi, daɗinsa ke nan. Shi ne gindin waƙa, duk inda baiti ya yi yawo nan zai dawo. Kuma yana yi maka wani aikin da 'yan kallo ba sa gani: lokacin da 'yan amshi ke karɓa, a nan kake shan iska, kana duban fili, kana shirya baiti na gaba. Ko marigayi Ɗan Maraya Jos, da yake waƙa shi kaɗai da kuntiginsa ba 'yan amshi, yakan koma kan gindin waƙarsa ya maimaita.

To, mu gyara naka. Cikin zancen nan uku, wanne ne zai dace bayan kowane baiti, ko na yabo ko na nasiha? Ranar ce. Sai mu ce:

Yau ranarki ce, amarya.

Gaɓa 8, numfashi ɗaya, zance ɗaya. Ya ƙare da “ya”, baki a buɗe, mutum zai ja ta yadda yake so. Gwada jan “zuri'a ɗayyiba” da ƙarfi ka ji yadda harshe ke tuntuɓe. Kana ma iya raba shi biyu, kai ka ce “Yau ranarki ce”, su ce “amarya”. Wanda aka bar wa kalma ɗaya ba ya jin kunyar buɗe baki.

Sauran ba a zubar ba, sun koma gidansu:

Gidanku an san shi da tarbiyya,
Dangi sun hallara baki ɗaya,
Yau ranarki ce, amarya.

Ka lura ɗangwayen biyu gaɓa 10 ne kowanne, kuma amsa-amonsu “ya” ne irin na amshin. Kunne na jin “ɗaya” ya san abin da ke tafe, baki ya riga ka. In baiti ya ƙare da wani sauti dabam, ko ka cika shi har ya ci wurin amshi, 'yan amshi za su shigo a makare, ka ji suna rige-rige da kiɗa. Addu'ar kuma ka ajiye ta baitin ƙarshe, a nan ake son ta.

Muryar ma haka. Kada ka kai amshi can sama inda sai gwani ke isa, ka bar gwaninta a baiti. Fara faɗin layin kamar magana, ka ji inda murya ke hawa da inda take sauka, sannan ka ɗora kari a kan hakan. In kari ya saɓa wa yadda ake furta kalma, mutane za su gyara maka ita da kansu, ko su yi shiru.

Amma sauƙi ba holoƙo ba ne. Na sha jin yara a situdiyo suna jera “iye iye” sau takwas su ce sun yi amshi. Wannan zai shiga kunne, amma ba ya riƙe baiti, don bai ce komai ba. Gajere nake so, mai faɗin abin da waƙar ta ƙunsa.

Kafin ka kashe kuɗin ɗauka, rera wa yaran gidanku amshin sau biyu, kada ka ce su koya. A na uku ka fara shi ka yi shiru a tsakiya. In sun ƙarasa, ya yi. In sun tsaya suna kallon ka, duba kalmar da suka maƙale a kanta, ita za ka fara cirewa.