Inna ba ta cin abinci, kuma tana shan maganin zuciya

Tambaya: "Salamu alaikum jama'a. Innata tana da ciwon zuciya, shekararta 68, tana shan digoksin da maganin sa fitsari a nan Gombe. Yau kwana biyar ba ta son abinci, ga tashin zuciya da kasala, jiya kuma ta ce komai rawaya-rawaya take gani. Yayyena sun ce taifot ce ko shawara. Likita ya taɓa rubuta mana gwajin digoksin a jini, muka ga kuɗi ne ba mu yi ba. Anya gwajin nan dole ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya. Kafin komai, ki ajiye digoksin ɗin yau kada ta sha, ki kai ta asibiti yau ɗin nan, kada ki jira ranar da aka rubuta mata a kati. Na yi aikin jinya shekaru a ɗakin masu ciwon zuciya a nan Bauchi, kuma abin da kika lissafa na gan shi a marasa lafiya, na kuma gan shi a cikin gidanmu, a jikin mahaifina.

Digoksin magani ne mai amfani, amma tsakanin awon da ke warkarwa da awon da ke cutarwa tazara ce 'yar ƙanƙanuwa. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Mai lafiyar ƙoda, kafin rabin abin da ya sha ya fita ana kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. In ƙodar ta yi rauni, sai ya kai kwana huɗu ko biyar. To ki duba, kullum ana zuba sabo, na jiya da na shekaranjiya ba su gama fita ba. Haka yake taruwa a hankali, mutum bai ƙara ƙwaya ko ɗaya a kan abin da likita ya rubuta ba. Wannan ne abin da ke ruɗa iyali, sai su ce ai shekara biyu take sha, me zai sa sai yanzu? Ƙwayar ba ta canza ba, jikin da ke karɓar ta ne ya canza.

Baba yana da shekara 74 a lokacin. Yana shan digoksin miligiram 0.25 kowace safiya, da furusamayid, wato lasis, maganin sa fitsari, miligiram 40 saboda kumburin ƙafa. Cikin watan Afrilu ne, kin san zafin Bauchi a wannan lokaci. Ya yi gudawa kwana uku, bai sha ruwa sosai ba, kuma bai fasa shan lasis ɗinsa ba, domin shi mutum ne mai bin ƙa'idar magani. Ashe kuma gwiwa na damunsa, ya aiki yaro kemis an sayo masa diklofinak yana sha ba mu sani ba. Gudawa ta tsaya, amma abinci ya ƙi. Tuwon da yake so sai ya yi loma biyu ya ture. Muka ce maleriya ce, aka ba shi magani. Ni da nake ma'aikaciyar jinya ina cikin masu cewa haka, kuma har yau abin yana min ciwo.

Rana ta shida ya kira ni ya ce a sake wanke masa farar rigarsa, wai ta yi ruwan ɗorawa. Rigar fara ce fat. Da dare ya ce ƙwan fitila yana da zobe kewaye da shi. Nan gabana ya faɗi. Na kama hannunsa na ƙirga bugun jijiya minti ɗaya cif, na samu 46, kuma yana tsallake. A daren muka tafi asibiti.

Abu uku suka haɗu a kansa. Gudawa da zafi da lasis sun ƙarar da ruwan jikinsa, ƙoda ta rage aiki. Diklofinak ya ƙara danne ƙodar. Sannan lasis da gudawa sun zubar da fotasiyam, wani gishiri da zuciya ke bugawa da shi. Na ukun nan shi ne mai haɗari a ɓoye, domin digoksin da fotasiyam wuri ɗaya suke takarar kamawa a tsokar zuciya. In fotasiyam ya yi ƙasa, digoksin ya samu fili, sai ƙarfinsa ya ƙaru ko da awonsa a jini bai hau sosai ba. Fotasiyam na mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0 mmol/L. Na Baba 2.9 ne. Gwajin ƙodarsa, kiriyatinin, ya kusa ninka na watanni huɗu baya. Digoksin kuwa ya fito 2.6 ng/mL, alhali ga mai raunin zuciya yanzu ana son ya tsaya tsakanin 0.5 da 0.9, kuma da ya haye 2.0 haɗari ya yi yawa.

Sakamakon digoksin ɗin ma bai fito a daren ba, sai da aka aika jinin wani ɗakin gwaji. Likitan bai jira shi ba. Ya ga alamomi, ya ga takardar i-si-ji, wato awon bugun zuciya da na'ura, ya ga fotasiyam da ƙoda, ya tsayar da maganin nan take. Aka ba shi ruwa a hankali saboda zuciyarsa ba ta ɗaukar da yawa, aka mayar masa da fotasiyam ana awo ana sake awo. Sai rana ta biyar a asibiti ya nemi kunu da kansa. Bayan makonni aka mayar da shi kan rabin awon, miligiram 0.125, aka auna bayan kwana goma ya fito 0.7.

Game da shawara da yayyenki suka ce, akwai bambanci mai sauƙi. Mai shawara, ke ce za ki ga farin idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Mai gubar digoksin idonsa fari ne, shi ne yake ganin duniya rawaya ko kore-kore, ko dishi-dishi. Ki buɗe idon Inna a hasken rana ki duba. Taifot kuma yawanci da zazzaɓi take zuwa. Rashin cin abinci da tashin zuciya ba zazzaɓi, a jikin mai shan digoksin, ni maganin nake fara zargi. Kuma kada a jira ganin rawaya, domin da yawa ba sa ganin ta sam. Ƙin abinci shi ne yakan fara zuwa, sai amai, sai kasala. Tsofaffi wasu ruɗewa suke yi, su riƙa maganar da ba ta kan hanya, iyali su ce tsufa ne ko iska.

Yanzu kafin ku fita, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ta gefen babban yatsa, ki ƙirga minti ɗaya cikakke da agogon waya. Kada ki ƙirga na sakan 15 ki ninka, bugun da ke tsallake yakan ɓuya a haka. In ya gaza 60, ko yana tsallake, ko ya yi gudu ba tsari, ki faɗa wa nas tun a bakin ƙofa. In jiri na ɗibar ta ko ta suma, ɗakin gaggawa kai tsaye. Amma ko kin samu 70 daidai, ku tafi, bugun da ya yi kyau a hannu bai wanke maganin ba.

Batun gwajin kuwa, na san kuɗi ne, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ki tambayi likitocin zuciya inda suke tura nasu. Dalilin da ya sa ba a iya tsallake shi, ido ba ya gane yawan maganin da ke jini. Mutum biyu su sha ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya fito 0.6, ɗaya 1.8, saboda bambancin shekaru, nauyin jiki da ƙarfin ƙoda. Tsohuwa siririya ita ce ta fi saurin tara shi. Ba kowane wata ake yi ba. Ana yi kamar mako ɗaya zuwa kwana goma bayan an fara ko an canza awo, sai in an ƙara wani magani da ke taɓa shi, sai in ƙoda ta canza, sai kuma in alamomi irin na Inna sun bayyana. In kuɗin bai kai a yi duka yau ba, a fara da fotasiyam da ƙoda da i-si-ji, waɗannan sun fi sauƙin samu kuma suna faɗa wa likita abu mai yawa.

Wani kuskure da na sha gani, a sha ƙwaya da bakwai na safe a je a ɗebi jini da tara. Kuɗin ya tafi a banza, domin a lokacin maganin bai gama shiga tsoka ba, awon zai fito sama fiye da gaskiya. Sai an ba da aƙalla awa shida bayan sha. Mafi sauƙi a ɗebi jinin da safe kafin a sha na ranar. Ki rubuta ranar da lokacin da Inna ta sha na ƙarshe, za a tambaye ki.

Na ga a ƙarƙashin tambayarki wani ɗan'uwa ya ce ƙaninsa na shan litiyam na ciwon taɓin hankali, ko shi ma haka ne. E, malam, kusan labari ɗaya ne, shi ma ƙoda ke fitar da shi. Ana son ya tsaya wajen 0.6 zuwa 1.0 mmol/L, daga 1.5 guba ta fara, kuma shi awa 12 bayan sha ake ɗibar jini. Alamunsa rawar hannu mai ƙarfi, gudawa da amai, tangaɗi kamar mai maye, da nauyin harshe. Ƙishirwa, zufa mai yawa, rage gishiri kwatsam, maganin sa fitsari da su ibufurofin duk suna tura shi sama. Mai shan sa ya tattauna da likitansa kafin azumi.

Ƙanwata, in za ku tafi ki zuba duk abin da Inna ke sha a leda ɗaya, har na kemis da na gargajiya da jiƙo, kada kunya ta sa ki ɓoye wani. Amiyodaron da berafamil na zuciya, da kilaritiromaisin da eritiromaisin da ake bayarwa don tari, da kinin na maleriya, duk suna ɗaga digoksin a jini. Kada kuma kowa ya sayo mata ƙwayar fotasiyam don ya karanta labarin Baba. In ƙodarta ta yi rauni mai yiwuwa nata sama yake, ƙari a kai na iya tsayar da zuciya. Maganin sa fitsarin ma ki bar wa likita ya yanke ko a ci gaba ko a dakata. In kun dawo ki rubuto mana lambobin da suka fito, ina nan ina jira.