Cajar wat 65 mai ramuka uku: ina sauran ƙarfin yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi caja mai ramuka uku, biyu na USB-C ɗaya na USB-A, an rubuta 65W a jikinta. Idan laftof ɗina kaɗai na jona, lafiya lau yake caji. Amma da zarar na ƙara wayata Samsung da fawabank, sai laftof ɗin ya nuna caji ya yi rauni, wayar kuma ta daina saurin caji. Jabu aka sayar mini, ko in ƙara kuɗi in sayi mai 100W? Wutarmu ba ta wuce awa biyu zuwa uku, ina so komai ya cika kafin a ɗauke. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Bisa alamomin da ka bayyana, ina kyautata zaton cajarka ta gaske ce, domin haka aka ƙera irinta ta yi aiki. Lambar 65 da ke jikinta jimillar ƙarfin da na'urar cikinta za ta iya fitarwa ce gaba ɗaya, kuma ramukan uku daga wannan jimilla suke ɗiba. Rami ɗaya zai iya samun 65 ɗin duka matuƙar shi kaɗai ke aiki, amma da an jona abu na biyu dole a yi rabo, kuma rabon ba raba daidai ba ne.

Ka juya cajar ko kwalinta ka duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kalmar Output. A yawancin cajojin wannan aji za ka tarar da jadawali mai kama da wannan, ko da yake lambobin sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani:

```
C1:          65W
C1 + C2:     45W + 20W
C1 + A:      45W + 18W
C1 + C2 + A: 45W + 15W
```

C1 da C2 su ne ramukan USB-C na farko da na biyu, A kuma ramin USB-A. Layin ƙarshe shi ne halin da kake ciki. Ramin farko, wanda galibi akan zana hoton kwamfuta a gefensa, ya sauko daga wat 65 zuwa 45. Sauran ramukan biyu kuma wat 15 ne rabonsu su biyun a haɗe, saboda a irin wannan ƙira da'ira ɗaya ce take ciyar da su, kuma da'ira ɗaya ba ta iya fitar da bolt iri biyu a lokaci guda. Tunda ba za ta iya ba wayarka bolt 9 alhali fawabank na jone a kan layin ba, sai ta koma bolt 5 wanda kowace na'ura take karɓa, da amfiya 3 a tsakaninsu. Wat kuwa bolt ne a ninka da amfiya, saboda haka 5 sau 3 ya ba da 15. Idan duka biyun suna jan wuta sosai, kowannensu zai tashi da wat bakwai da ɗoriya.

Ga abin da hakan yake nufi a agogo. Batirin waya mai 5000mAh yana ɗaukar kimanin wat 19 na awa guda. Idan wat 7.5 take samu, kuma wani kaso yana tafiya a zafi kamar yadda yake faruwa a kowane caji, za ta kwashe kusan awa uku kafin ta cika daga ƙasa, alhali da cajarta ta wat 25 ba za ta kai awa ɗaya da rabi ba. Ga wanda wutarsa ba ta wuce awa biyu, wannan bambanci shi ne tsakanin kwana da cikakkiyar waya da kwana da wadda ba ta cika ba. Akwai kuma wani ƙarin dalili da ya shafi Samsung musamman: saurin cajinta na wat 25 yana buƙatar tsarin da ake rubutawa PPS, wanda ke ba waya damar neman a ɗaga ko a sauke bolt kaɗan-kaɗan, kuma ramin da aka tilasta wa tsayawa a bolt 5 ba zai iya yin hakan ba.

Shi kuwa laftof, cajarsa ta asali bolt 20 ce da amfiya 3.25, wato wat 65. Da aka mayar da shi 45, yana ci gaba da samun bolt 20, amma amfiyar ta ragu zuwa 2.25. Idan a kashe yake ko a rufe, wat 45 za su cika shi ba tare da wata matsala ba, sai ɗan ƙarin lokaci. Idan kuwa kana aiki mai nauyi a kansa, injin zai cinye mafi yawan abin da ke shigowa, batirin ya riƙa samun ragowa, wani lokacin ma ka ga kason batirin yana raguwa alhali yana jone. Wannan gargaɗin da yake nuna maka bai nufin wani abu ya lalace.

Wataƙila ka lura cewa duk lokacin da ka jona ko ka cire wani abu, sauran sukan katse caji na daƙiƙa ɗaya ko biyu, waya ta yi ƙara, hasken allon laftof ya canza. Dalili shi ne a tsarin USB PD caja ce take sanar da na'ura jerin bolt da amfiyar da take iya bayarwa, na'urar ta zaɓi ɗaya, sannan a sake mata wuta. Da rabon ya canza, wajibi ne a sake wannan yarjejeniya, kuma cajoji da yawa sukan yanke wutar ne su fara daga farko. Abin da ke da batir bai damu da wannan ba, amma kada ka ɗora abin da ba shi da batir a kan irin wannan caja, kamar rautar intanet ko ƙaramar kwamfuta, domin zai mutu ya sake tashi duk sanda wani a gidan ya soka wayarsa.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba shi ne, mafi yawan waɗannan cajoji rabonsu a kafe yake, yana bin adadin ramukan da ke aiki ba tare da duba abin da kowace na'ura take ja ba. Ko abin sauraro na kunne ka jona a C2, wanda bai fi wat biyu ko uku yake ja ba, laftof zai sauko zuwa 45, kuma wat 17 ɗin da suka rage za su zauna ba mai amfani da su. Haka ma idan wayar ta cika ta daina jan wuta, laftof ba zai koma 65 ba sai ka zare ta. A wasu cajojin ma igiya kawai ta isa, musamman igiyar USB-C zuwa Lightning ta tsofaffin wayoyin iPhone, wadda cajar take ɗauka kamar na'ura ce ko da babu komai a ɗaya bakin. Saboda haka ka riƙa zare duk igiyar da ba ta aiki daga jikin cajar kanta. Akwai cajoji masu tsada da suke auna abin da kowane rami yake ja su sake rabo da kansu, kuma masu ƙera su sukan bayyana hakan ƙarara a kwali.

Game da sayen mai wat 100, shawarata ita ce kada babbar lambar ta ruɗe ka. Ka fara tara buƙatunka: laftof 65, waya 25, fawabank kuma a ce 18, jimilla 108, wadda ta riga ta zarce 100. Cajoji masu wat 100 da yawa sukan ba da 65 da 35 ko 30 idan ramuka biyu ke aiki, wanda ya yi wa laftof da wayarka daidai, amma da an jona na uku wasunsu sukan sauke ramin farko zuwa 45, ka ga an kashe kuɗi an dawo inda aka fito. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya nuna maka layin ramuka uku a jadawalin, ka tabbatar ramin farko ya tsaya a 65 ko aƙalla 60, kuma an rubuta PPS a ramin da wayar za ta hau. Cajar da ba ta da jadawali ko kaɗan, ni ba zan saye ta ba. Ka kuma duba igiyarka, domin igiyar USB-C ta yau da kullum amfiya 3 take ɗauka, wato iyakarta wat 60 a bolt 20, kuma duk abin da ya haura haka sai da igiyar da aka rubuta wa 5A ko 100W.

A ganina ma ba sai ka sayi sabuwa ba. Idan cajar laftof ta asali tana nan, ka bar shi a kanta, ka ba wayar C1, fawabank kuma C2, kowanne zai sami abin da ya ishe shi. Idan babu ita, ka yi aiki da lokaci: awar farko laftof a C1 yana rufe, waya a C2 tana samun wat 20, sannan ka zare wayar ka ɗora fawabank a madadinta. Waya tana jan mafi yawan wutarta ne lokacin da batirin ke ƙasa, tana rage ja yayin da ta doshi cika, don haka awar farkon ita ce mai amfani.

Tambaya: Ina sana'ar cajin waya a bakin kasuwa. Ina da allon caji mai ramuka goma na USB-A, an rubuta 2.4A a kowanne, amma idan ya cika kwastomomi na ƙorafin waya ba ta hawa, allon kuma yana zafi. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, irin naka ya bambanta da na mai tambayar farko, domin duk ramukan a kan layi ɗaya na bolt 5 suke, babu wata yarjejeniyar rabo, kowace waya tana jan abin da ta samu. Lambar 2.4A iyakar rami guda ce, jimillar kuma tana rubuce a bayan allon, ita za ka raba da goma. Idan ka ga 5V/8A, wat 40 ke nan, kuma wayoyi goma za su tashi da amfiya 0.8 kowacce, wato wat 4, wanda zai kai babbar waya awa biyar ko fiye. Kafin ramuka goma su ba da 2.4A a lokaci guda, sai allon ya kasance mai amfiya 24, wato wat 120.

Idan aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, bolt ɗin yakan faɗo ƙasa da 5, wayoyi su rage jan wuta ko su riƙa kamawa suna saki, zafin da kake ji kuma alamar na'urar tana aiki a ƙarshen ƙarfinta ce, abin da ke gajarta rayuwarta musamman a lokacin bazara. Ka nemi ɗan ma'aunin USB da ake sokawa tsakanin rami da igiya, ka riƙa ƙara wayoyi masu ƙarancin caji ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambar. Inda ta fara sauka ƙasa da 4.75V, nan ne iyakar allonka ta gaskiya. Idan allon mai amfiya 8 ne, ka tsayar da manyan wayoyi a huɗu ko biyar, ƙananan wayoyi masu madanni waɗanda ba sa jan wuta da yawa su cike wasu daga sauran ramukan, idan kuma za ka ƙaro wani allo ka zaɓi wanda jimillar amfiyarsa ta kai aƙalla ninki biyu na yawan ramukansa.