Kafin ka sayi bututun wefgayid, auna cikinsa

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen lantarki, aikina na kammala karatu yana kan sigina mai 5.8 GHz. Na ga bututun wefgayid guda biyu a wajen 'yan gwangwan, ɗaya an rubuta WR-90, ɗayan WR-284, duk da araha. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, bar su duka biyun a inda ka gan su. Abin da kake nema WR-159 ne.

Bari in fara da ƙaramin, WR-90. Bututun nan mai kusurwa huɗu ba kamar fayif ɗin ruwa ba ne, da in ya yi ƙanƙanta ruwan zai ragu kawai. Sigina tana tafiya a cikinsa ne tana dukan bango tana dawowa, kuma dole ƙarfin lantarkinta da ke kwance a kan bangon ƙarfen ya mutu a jikinsa. Saboda haka sai wasu tsare-tsare ƙidayayyu ne kaɗai ke iya zama a ciki, su ake kira mod. Mafi sauƙinsu shi ne TE10: ƙarfin ya yi tudu ɗaya a tsakiya, ya sauka sifiri a gefe da gefe. Kafin wannan tudun ya samu wurin zama, sai rabin tsawon zangon igiyar ya shige cikin faɗin bututun. Firikwensin da rabin zangon ya yi daidai da faɗin shi ne iyakar yankewa, ƙasa da shi babu tafiya.

Lissafin ba wuya. Ka auna faɗin ciki, ɓangaren da ya fi tsawo, da milimita, shi ne a, fc kuma iyakar yankewa:

```
fc (GHz) = 150 / a (mm)
```

Faɗin WR-90 milimita 22.86 ne, iyakarsa ke nan kusan 6.56 GHz. Kai kuma kana 5.8. Za ka ce ai saura kaɗan, ko ba za ta ɗan wuce ba? Ba za ta wuce ba. A wannan firikwensin, kowane santimita ɗaya na bututun yana rage siginar da kusan 5.6 dB. Guntun da bai wuce santimita 10 ba ya isa ya bar ka da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari uku ba. Kuma ba bututun ne ya shanye ƙarfin ba, komawa yake baya zuwa ga na'urar da ta turo shi. In amfilifayarka ba ta da kariya, kana iya ƙona ta kana tsammanin waya ce ta katse. An yi WR-90 ne don 8.2 zuwa 12.4 GHz.

Babban kuwa matsalarsa daban ce, kuma ta fi yaudara domin zai yi kamar yana aiki. Faɗin WR-284 milimita 72.14 ne, TE10 yana buɗewa tun 2.08 GHz. To amma a ninkin wannan, wajen 4.16 GHz, mod na biyu mai tudu biyu, TE20, shi ma ya samu hanya, a 5.8 kuwa akwai wasu bayansa. Duk inda aka yi lanƙwasa ko mahaɗa ta ɗan goce, wani ɓangare na ƙarfin sai ya tsallaka cikinsu. Gudunsu ba ɗaya ba ne, sai su isa ƙarshe suna cin karo da juna. Alamarsa ita ce awo ya riƙa hawa da sauka, ka ɗan ƙara ɗaure noti adadin ya canja. Ɗalibin da ke son sakamako ya tsaya a gaban malamai bai kamata ya jawo wa kansa wannan ba.

WR-159 faɗinsa milimita 40.39, iyakarsa 3.71 GHz, TE20 kuma sai 7.42, don haka kana zaune lafiya a tsakani da mod ɗaya tilo. In ba ka samu ba, WR-137 ma zai fitar da kai. Zangonsa a takarda daga 5.85 yake farawa, amma iyakarsa 4.30 ce, ka yi mata nisa.

In ka koma kasuwar, ka tafi da kalifa, ma'aunin faɗi, a aljihu, kada ka yarda da rubutun jiki kawai. Lambar WR faɗin ciki ce da inci an ninka ɗari, ka ga 159 inci 1.59 ke nan. Ka ɗaga bututun ka leƙa ta cikinsa a hasken rana. In ka ga kore-kore na tsatsar tagulla, ko wurin da ya loɓa ciki, ajiye shi, domin loɓawa a gefe rage faɗi ce, rage faɗi kuma ɗaga iyakar ce a daidai wurin. Sannan ka kifa bakinsa a kan gilashi ka ga ko ya zauna daram, kuma ramukan notinsa su dace da na adaftar da kake da ita.