Yadda za a juya baitin waƙa zuwa Italiyanci ba tare da karya karin sautinsa ba

Tambaya: Malam, ina zaune a Turin, ina son rera wata waƙata da Italiyanci. Ga baitin farko: "Na baro gida da asuba, ban yi wa inna sallama ba." Na fassara shi, ma'ana ta fito, amma ya ƙi hawa kan kiɗan, amsa-amon ma ya ɓace. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sauraron wurin da muryarka take sauka a ƙarshen kowane layi. Layukanka biyu gaɓa tara-tara ne, kuma duka sun ƙare da "ba". A Hausa wannan ya isa amsa-amo, tunda mu gaɓar ƙarshe muke dubawa. Italiyanci kuwa yana fara lissafin amsa-amo ne daga wasalin da aka danna, wato wanda murya ta fi nauyi a kansa, har zuwa ƙarshen kalma. Shi ya sa "cuore" da "amore" suke amsa juna, amma "alba" da "roba" ba sa yi, ko da yake duk sun ƙare da "ba".

Ina kyautata zaton abin da ka samu ya yi kama da wannan: "Sono uscito di casa all'alba, non ho salutato mia madre." A rubuce layin farko gaɓa goma sha ɗaya ne, amma a baki tara ne. Dalili shi ne idan kalma ta ƙare da wasali, ta gaba kuma ta fara da wasali, sai su narke su zama gaɓa ɗaya. Wannan shi suke kira sinalefe. "Sono uscito" ya haɗe, "casa all'alba" ma ya haɗe. Don haka kada ka ƙirga a takarda, ka ƙirga da baki kana tafi.

To ga adadi ya yi daidai, me ya hana shi hawa kiɗan? Nauyin murya ne. Yawancin kalmomin Italiyanci ana danna su a gaɓar kusa da ƙarshe, kamar "alba" da "madre". Idan karin waƙarka yana jan gaɓar ƙarshe, kamar yadda ake yawan jan "ba", dole ka ce "albà" da "madrè", kuma nan take kunnen Ba'italiye zai ji tuntuɓe. Wani lokaci ma ma'ana ce ke juyawa: "papà" baba ne, "papa" kuwa Paparoma.

Abin da kake bukata shi ne kalmomin da nauyinsu ke ƙarshe, kuma ba su da yawa. Akwai irin su "città", "perché", "così", "più", da aikatau na lokaci mai zuwa kamar "tornerò". Ga yadda zan gina baitin:

All'alba ho lasciato la città,
la mamma dormiva, non lo sa.

Ma'anarsa: da asuba na bar garin, inna tana barci, ba ta sani ba. Rera shi ka ji. Gaɓa tara ne kowane layi, saboda "alba ho" ya narke. Nauyi ya faɗa a gaɓa ta biyu, ta biyar da ta tara a duka layukan, don haka kari ɗaya zai ɗauke su. "Città" da "sa" kuma sun amsa juna a wasalin da za ka iya ja iya tsawon numfashinka.

Na san za ka ce ina gida, ina sallama? Gaskiya ne, na sadaukar da su, kuma ban yi hakan da wasa ba. Ciwon da ke cikin baitinka shi ne ɗa ya sulale bai nemi albarkar uwa ba. Bahaushe na jin "sallama" ya fahimci wannan duka. "Salutare" kuwa gaisuwa ce kawai, ba ta ɗauke da wannan nauyin. Uwar da ke barci, wadda har yanzu ba ta san ɗanta ya tafi ba, ita ce za ta taɓa mai sauraro a can yadda sallamar ta taɓa mu. Na kuma zaɓi "mamma" a kan "madre" domin ita ce kalmar da yaro ke kiran uwarsa da ita a gida, daidai da "inna".

Akwai wata hanyar da za ta ja ka, wato yanke wasalin ƙarshe, "amore" ya koma "amor", "cuore" ya koma "cuor". Nahawu ya yarda da ita, amma a ƙarshen layi tana sa waƙa ta yi ƙamshin tsofaffin waƙoƙin opera, wanda bai dace da kukan ɗan ci-rani ba. Idan amsa-amo cikakke ya gagara, ka wadatu da daidaiton wasula kaɗai, kamar "alba" da "mamma", matuƙar karin ya ba da damar danna gaɓar kusa da ƙarshe.

Idan ka gama, ba wa wani haifaffen can kalmomin ya karanta su a matsayin magana, ba tare da kiɗa ba, ka yi alama a duk inda ya danna. Sannan ka rera. Duk gaɓar da bugun kiɗanka ya saɓa wa alamarsa, a nan za ka sake kalma.