Yadda ma'aikaciyar jinya za ta tsara takardar neman aiki

Tambaya: "Na gama makarantar jinya, zan nemi aiki a asibiti. Yaya zan rubuta lasisina da aikin horo don a yarda da ni?"

'Yar'uwa, fara da lasisin, domin shi ake fara tantancewa. Rubuta cewa NMCN, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, ce ta yi miki rajista, ki sa lambar rajistar da ranar ƙarewar lasisin. A Najeriya duk shekara 3 ake sabunta shi. In naki yana hannun hukuma, faɗi haka.

Kada ki cakuɗa zagayen horo na ɗalibta da aikin albashi. Ranar ganawa za a gane, kuma daga nan yarda ta tafi. Ware masa wurinsa. Maimakon "na yi aiki a asibiti", rubuta misali: "Ɗakin yara, gado 20, mako 8, ba da magani da auna zafin jiki ƙarƙashin kulawar sista."